Bashin dubu 200 da zubin dubu 12 duk sati: nawa ne ainihin ruwansa a wata?

A takardar an rubuta kashi 4 cikin 100 a wata. Ofisan da ya kawo fom ɗin ma haka ya faɗa, kuma in ka bi lissafinsa da kalkuleta zaka ga komai ya hau daidai, babu inda ya ƙara ko kwabo. Amma kuɗin da mai shagon ya biya a zahiri ya kusa kashi 12 a wata, wato kusan ninki uku na abin da ya sa hannu a kai, kuma wannan bambancin ba a ɓoye yake ba, yana nan cikin lambobin da aka bashi, kawai dai ba a jera masa su yadda zai gani bane.

Mutumin wani yayanmu ne a unguwa, yana da shagon kayan masarufi, taliya, magi, sabulu, madara, omo da sauransu, yana saro kaya a kasuwar Singa nan Kano. Ya karɓi bashi a wani ƙaramin banki irin masu ba 'yan kasuwa rance, kuma ga yadda tsarin yake. Uwar kuɗi N200,000. Ruwa kashi 4 a wata, na wata biyar, wato N8,000 sau biyar, N40,000 kenan. Jimla N240,000. Za a biya cikin sati 20, duk sati N12,000, zubin farko sati ɗaya bayan karɓar kuɗi. Kafin kuɗin su shigo akawun ɗinsa an cire N6,000 na kuɗin fom da inshora, sannan an riƙe N20,000 a matsayin ajiyar dole wadda za a mayar masa ranar da ya gama biya, ba tare da ƙarin ko sisi a kanta ba. Alat ɗin da ya shigo wayarsa N174,000 ne.

Shi irin wannan tsarin na biya duk sati ba a nan aka ƙirƙiro shi ba, bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangladesh ne ya yaɗa shi, kuma akwai hikima a ciki don ƙaramin ɗan kasuwa ya fi iya fitar da kaɗan-kaɗan a kan a ce ya tara dunƙule a ƙarshe. Ni bani da matsala da zubin sati. Matsalata da yadda ake faɗin farashinsa ne.

Abu na farko, kuma shine babba. Ruwan nan da suke ce wa fulat, ana lissafa shi ne kan dubu 200 ɗin gaba ɗaya tun daga ranar farko har ranar ƙarshe, kamar dai kuɗin suna hannunka duk tsawon lokacin. Alhali ba sa hannunka. Cikin kowace N12,000 da yake kaiwa, a lissafinsu N10,000 uwar kuɗi ce, N2,000 ruwa. Toh satin farko dubu 200 ke hannunsa ya biya ruwan dubu 2, wannan kashi 1 ne a sati, ba laifi. Sati na biyu saura dubu 190 a hannunsa, ruwa dubu 2. Sati na goma sha ɗaya saura dubu 100, rabi ya koma musu, ruwa yana nan dubu 2. Satin ƙarshe kuwa dubu 10 kacal ta rage a wurinsa amma dubu 2 ɗin nan bata motsa ba, kaga a wannan satin kashi 20 ya biya a kan abin da ake binsa. Kamar mutum ne ya kama hayar gida mai ɗaki ashirin, duk sati yana mayar da mukullin ɗaki ɗaya, amma mai gida yana karɓar hayar ɗaki ashirin har ranar da zai fita.

Don haka tambayar da ya kamata a yi itace, a tsaka-tsaki nawa ne ya zauna a hannunsa cikin satin nan ashirin? Wannan ko da ka zaka iya yi. Ka haɗa na farko da na ƙarshe, dubu 200 da dubu 10, ka raba biyu, N105,000. Wato a zahiri bashin dubu 105 ya ci moriya, ba na dubu 200 ba. Yanzu raba dubu 2 da dubu 105, zai baka kusan kashi 1.9 a sati. Wannan lissafin na tsaye ne, yana ɗan wuce ainihin amsar kaɗan, amma ya isa ya nuna maka inda aka dosa: duk bashin fulat da ake biya kashi-kashi daidai wa daida, ainihin ruwansa ya kusa ninki biyu na wanda aka faɗa. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ma ya tsira da abu mai yawa.

Ainihin amsar kuma ana samunta ne ta hanyar neman wani kaso guda ɗaya na sati wanda in ka ɗora shi kan abin da ya rage kawai, kana cire dubu 12 duk sati, bashin zai ƙare cif a sati na 20, ba saura ba ƙari. Da hannu sai dai ka yi ta gwaji, ka sa 1.7 ka ga ya yi kaɗan, ka sa 1.9 ka ga ya yi yawa. Amma duk mai Excel ko Google Sheets a waya layi ɗaya ne:

```
=RATE(20,-12000,200000)
```

Na farko yawan zubi, na biyu kuɗin zubin da alamar cirewa a gabansa tunda fita suke daga aljihunka, na uku abin da ka karɓa. In ka manta alamar cirewar nan ba zai baka amsa ba, kuskure zai nuna maka, kuma in ka ga ya rubuta 2% kawai toh ka ƙara masa gurbin lambobin bayan ɗigo. Amsar itace kashi 1.803 a sati.

Mu gwada mu gani ko gaskiya ne. Satin farko ruwan dubu 200 a kan 1.803 ya kama N3,606, saura N8,394 cikin zubin su rage uwar kuɗi, ta koma N191,606. Sati na biyu ruwa N3,455, uwar kuɗi ta ragu da N8,545, saura N183,061. Haka zai yi ta tafiya, ruwa na raguwa, abin da ke cin uwar kuɗi na ƙaruwa, har satin ƙarshe da zaka tarar saura wajen N11,788, ruwanta N212, ka haɗa su dubu 12, bashi ya mutu. In ka tara duk ruwan zai baka N40,000 ɗin nan dai, ba a canza komai ba, an dai faɗi farashin da sunansa na gaskiya.

Toh daga sati zuwa wata fa? A nan akwai wani ɗan rami da mutane da yawa basa lura da shi. Su sun ƙirga sati huɗu a matsayin wata, shi yasa sati 20 ya zama wata biyar. Amma sati 20 kwana 140 ne, wata biyar kuwa ya kai kwana 150 da ɗoriya. Shekara sati 52 ce, in ka raba da 12 kowane wata sati 4.33 ne, in kuwa ka tafi a kan sati huɗu-huɗu sai shekararka ta zama wata 13. Kenan ya biya ruwan wata biyar a kan kuɗin da aka gama karɓewa cikin wata huɗu da 'yan kwanaki sha takwas ko sha tara. Don haka in zaka mayar da na sati zuwa na wata, da 52/12 zaka yi aiki:

```
=(1+RATE(20,-12000,200000))^(52/12)-1
```

Wannan ya bada kashi 8.05 a wata. In ka ninka kai tsaye ne, 1.803 sau 4.33, zaka samu 7.8, bambancin shine na farkon ya lissafa cewa kuɗin da ka fitar a satin farko da suna hannunka da sun sake juyawa a sati na biyu, kuma ga ɗan kasuwa wannan shine gaskiyar lamari, kuɗinsa basa kwana. Ko wanne ka ɗauka dai, kashi 4 ya zama 8 tun kafin mu taɓa maganar cire-ciren farko.

Don a ga girman abin a naira: da ace kashi 4 ɗin nan na gaske ne, ana ɗora shi kan abin da ya rage, zubinsa zai kama wajen N10,980 a sati, ruwan gaba ɗaya wajen N19,600. Ya biya dubu 40. Ƙarin dubu 20 da ɗoriya kenan daga salon lissafi kawai.

Yanzu sai kuɗin fom da inshora. Dubu 6 a kan dubu 200, mutum zai ce ai kashi 3 ne sau ɗaya, me aka yi. Amma ka tuna bai taɓa riƙe wannan dubu shidan ba, kuma yana biyanta, yana biyan ruwanta. Abin da za a yi shine a canza 200000 ɗin da ke cikin layin RATE zuwa 194000, zubi yana nan yadda yake. Na sati ya tashi zuwa 2.12, na wata kashi 9.5. Kashi ɗaya da rabi a kowane wata ya ƙaru saboda dubu shida, dalili kuwa bashin gajere ne, duk kuɗin da aka cire a farko in lokacin biya ya yi gajarta nauyinsa ƙaruwa yake.

Ajiyar dolen ce ta fi ɗaure wa mutane kai, kuma nan ne muka fi daɗewa da shi. Cewa yake, ai Malam wannan kuɗina ne, zasu dawo min da su, ya za a yi ka sa su cikin ruwa? Nace Yaya zasu dawo maka da su, gaskiya ne, amma yaushe? Bayan sati ashirin. A tsawon lokacin nan dubu ashirin ɗin tana wurinsu, wataƙila ma sun ba wani bashinta, kai kuma kana biyan ruwan kashi 4 a kanta kamar tana cikin shagonka ta zama katan ɗin taliya. Wato sun ranta maka kuɗi sun riƙe a aljihunsu suna cajinka. Ita kanta dubu 20 ɗin ba asara bace, zamanta a can shine asarar. A lissafi ana sa ta a matsayin kuɗin da zasu dawo a ƙarshe:

```
=RATE(20,-12000,174000,20000)
```

Kashi 2.56 a sati. A wata kashi 11.6. Wannan shine ainihin farashin bashin da ya ci, kuma shine lambar da ya kamata ya riƙe a kansa ranar da zai sa hannu.

Wani zai ce toh shikenan, bashin nada tsada, amma ai kasuwanci ake da shi, riba zata rufe. Wannan magana ce mai kyau, kuma ba kullum take zama ƙarya ba, sai dai a auna. Ma'aunin ba wai ribar da kake samu a kan kaya bane kawai, har da saurin juyawar kayan. Mun zauna da littafinsa, abin da ya fito shine a kan kayan dubu 100 yana samun ribar wajen dubu 5, don kayan masarufi ribarsu siririya ce kowa ya san farashin magi, kuma kaya na ɗaukar kusan sati biyu kafin su ƙare ya koma Singa. Kashi 5 a sati biyu, kashi 2.5 kenan a sati. Bashi kuma yana cin 2.56 a sati. Kaga kenan duk abin da kuɗin bashin suka haifa banki ya kwashe, har da ɗan ƙari. In ka bi lissafin har sati na 20 a kan wannan ribar, zai tashi da giɓin wajen N1,400, kuma wannan kafin a cire kuɗin mota da na ɗan dako, da madarar da ta lalace, da bashin maƙwabta da ba a biya ba. Wata huɗu da rabi yana wa wasu aiki.

Kuma abin yana nuna kansa a kan kanta tun kafin a zo ga littafi. Satin farko kayan N174,000 sun kawo ribar wajen N4,350, zubi kuma N12,000, toh ragowar N7,650 daga ina zata fito? Daga jikin kayan. Sati na gaba kayan sun ragu, ribar ta ragu, zubi bai ragu ba. Shi yasa zaka ga shago ya cika maƙil satin da aka karɓi bashi, katan-katan har bakin ƙofa, zuwa sati na goma an fara jera gwangwanin madara layi ɗaya a gaban kanta don kar a ga bayan babu komai. Mai shagon sai ya ɗauka kasuwa ce ta ja baya ko yaron shago ne ke masa ɓarna, ya yi ta zargin mutane, alhali haka tsarin yake, uwar kuɗin ce ke komawa inda ta fito. Ranar zubi in ta matso kuma sai a karya farashi don a haɗa dubu sha biyun, ribar ta ƙara sirancewa.

Wannan bashin dai, da wannan farashin, zai iya yi wa wani amfani. Mai abinci ko mai kayan gwari da ke juya kuɗinta duk kwana biyu ko uku, ko ribar kashi 5 take samu a kowane juyi, a sati ta haura kashi 10, bashin 2.56 ba zai kayar da ita ba, in dai akwai masu sayen ƙarin abin da zata dafa. Wanda kuma zai fi kowa shan wahala shine mai sayen hatsi a Dawanau lokacin kaka ya ajiye sai farashi ya tashi, don shi buhunansa na sito basa kawo ko naira a sati, zubi kuma ba zai jira bazara ba, dole ya fara sayar da kayan tun basu yi tsada ba. Bashi ɗaya ne, farashi ɗaya, amma sana'ar ce ke nuna wa zai iya ɗauka.

A sati na goma ne ya zo da shawarar ya sayar da babur ɗinsa ya biya sauran gaba ɗaya ya huta. Ya je ya tambaya, aka ce masa saura zubi goma, N120,000, babu ragi. A lissafin ruwa kan abin da ya rage, a wannan ranar abin da ake binsa wajen N108,900 ne, sauran dubu 11 ɗin ruwan satittikan da basu zo bane. Nace masa Yaya in babu ragi kar ka biya da wuri. Na san zuciya tana son a rabu da bashi, amma duba, ko yau ka biya ko ka bi sati-sati, dubu 120 ɗin ce dai, ko ajiyarka ma in sun yarda sun cire ta a ciki lissafin bai canza ba. In ka basu yau ka basu kuɗinka kyauta su juya, ka kuma rasa babur ɗin da kake ɗauko kaya da shi. Tsadar bashin an riga an ɗaura maka ita ranar sa hannu, biya da wuri ba tare da ragi ba ƙara masa tsada yake. In zasu sauko kusa da dubu 109 toh sannan akwai magana. Basu sauko ba, ya ci gaba da zubinsa har ya gama.

Na san da yawa daga masu karatu zasu ce ai tun farko bashin ruwa riba ce, haramun ne, bai kamata ya shiga ba. Wannan hukunci ne da malamai suka yi bayaninsa, kuma shi kansa abin ya dame shi. Abin da zan ƙara kawai shine, ko ka koma bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irinsu Jaiz da ya fara aiki a 2012 ko TAJ a 2019, aka yi maka murabaha, wato su sayi kayan su sayar maka da ƙarin riba ka biya kashi-kashi, lissafin nan bai daina amfani ba. Hukuncin cinikin daban ne, amma tambayar ko sana'arka zata iya ɗaukar nauyin biyan tana nan, kuma da wannan layin na RATE ɗin zaka auna ta, ka sa kuɗin kayan, ka sa zubin, ka sa yawansa.

Da bashin ya zo ƙarshe ofisan ya dawo da tayin zagaye na biyu, wannan karon dubu 300 tunda ya biya lafiya. Kafin ya amsa sai muka auna da wata hanyar da ya daɗe yana rainawa. Dilansa a Singa yana bashi kaya bashi na sati biyu, amma da ƙarin wajen kashi 2 a kan farashin hannu, kayan dubu 100 ya biya dubu 102. Shi a ganinsa wannan ya fi tsada, don kashi 2 a sati biyu ai ya haura kashi 4 a wata, banki kuma 4 suka ce. A lissafin gaskiya na dila ya kama kashi 4.4 a wata, kuma 4.4 ɗin ne da gaske, tunda kayan gaba ɗaya suna hannunsa har ranar biya, babu kuɗin fom, babu ajiyar dole, ranar biyan ma ta zo daidai da lokacin da kayan suka ƙare. Cikin ribar dubu 5 dila ya ɗauki 2 ya bar masa 3. Iyakarsa dai dila baya bada kayan da suka wuce yardar da ke tsakaninsu, kuma kayan shagonsa kawai zai baka, in ka saɓa alkawari sau ɗaya kuma labari ya zaga layin.

Bai karɓi dubu 300 ɗin ba. Ya tambayi ofisan abu huɗu a rubuce, nawa ne zai shigo akawun bayan duk cire-cire, nawa ne zubi, sau nawa kuma yaushe ne na farko, sannan nawa za a rage in ya biya da wuri. Da aka bashi ukun farko muka sa a waya, tsarin iri ɗaya ne da na baya, kaso iri ɗaya na fom da ajiya, don haka amsar ma 11.6 ta sake fitowa. Ta huɗun kuma aka ce babu ragi.